Babana ya ƙi sayar da shaddarsa ƙasa da yadda ya saro ta, ku ba ni shawara

Ɗan_Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata damuwa da ta hana ni sukuni, kuma na san a nan akwai 'yan kasuwa da masu ilimi. Babana yana sayar da shadda a Alabar, cikin Kumasi ta Ghana, ni nake riƙe masa littafi. A farkon Afrilu na 2025, bayan ƙaramar Sallah, ya saro shadda mai yadi goma-goma guda 60, kowace a kan sidi 900. A lokacin dala tana sama da sidi 15, kuma duk layinmu maganar ɗaya ce, wai kafin Layya za ta kai 20, wanda bai cika shago yanzu ba zai yi kuka. Kowa ya sara, shi ma ya sara, har ya fi abin da ya saba ɗauka da guda ashirin. Ya sayar da 20 a kan 980, sai sidi ya fara ƙarfi. Kafin babbar Sallah dala ta sauko kusan 10 da ɗoriya. Yanzu irin wannan shaddar ana saro ta 650, maƙwabtanmu suna ba da ita 720. Baba ya tsaya a 950, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai karya uwar kuɗi ba. Sallah ta zo ta wuce, guda 40 suna nan a kan kanta ina kaɗe musu ƙura kowace safiya. Shin shi ke da gaskiya ko ni da nake ganin a sayar? Kuma ta yaya zan yi masa magana ba tare da na yi rashin kunya ba?

Hajiya_MaiAtamfa: Wa alaikumus salam ɗana. Ba babanka kaɗai ba ne, a kasuwar Kejetia rabin layinmu haka suke. Ni kaina na yi sati uku ina gardama da masu saye kafin na sauke farashi. Abin da ya sa na sauke shi ne wata da ta shekara goma tana saye a wurina, na gan ta da idona ta wuce ni ta shiga shagon gaba. Ranar ban iya cin abinci ba.

DirebanTamale: Ka bar dattijo ya yi haƙuri, ya fi ka sanin kasuwa. Shadda ba tumatir ba ce, ba ta ruɓewa. Dalar nan kuma kowa ya san halinta, in ta kwanta hutawa take yi. Ni a Nuwamba 2022 na sayi dala 1,000 a kan 14.5, duk abin da na tara na gyaran mota. Wata guda bai cika ba ta faɗo wajen 9 zuwa 10. Matata ta ce in sayar kafin ta ƙara faɗuwa, na ƙi. Na riƙe abina har 2024 da ta haura 15, na sayar, na dawo da kuɗina har da 'yar riba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Malam_Lissafi: Ɗan_Aboabo, Allah Ya yi maka albarka da kake neman hanyar ladabi. Ni ina koyar da lissafin kasuwanci, bari in ɗauki alƙaluman da ka kawo mu bi su a hankali, don amsar tana cikinsu.

In aka sayar da guda 40 ɗin a kan 720, za a sami 28,800. An saro su 36,000, saboda haka a littafinka za ka rubuta faɗuwar 7,200. Wannan lambar ce Baba yake gudu. To amma ɗauki 28,800 ɗin ka koma wurin sari, inda ake ba da ita 650 yanzu. Za ka fito da guda 44, har da canjin sidi 200. Ka fitar da 40, ka shigo da 44 irinsu ɗaya. In da kaya ake auna ɗan kasuwa, shagon bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Kowace daga cikin 44 ɗin kuma tana da ribar 70, wato 3,080 a juyi ɗaya. In shagonku yana juya wannan adadin a wata biyu, kafin wata biyar 7,200 ɗin ta dawo, kuma masu sayenku ba su koyi hanyar wani shago ba.

Asarar nan ba ranar sayarwa take faruwa ba. Ta riga ta faru tun ranar da sabon kaya ya sauka a 650. Abin da ya rage a hannun Baba shi ne ko ya yarda ya rubuta ta, ko ya bar ta a kan kanta tana ƙara haihuwa, domin kuɗin shago da na wuta da na cefane ba su tsaya jiransa ba.

Ummi_Asawase: Malam, lissafin ya fita sarai. Amma in har haka yake a fili, me ya sa mutum mai hankali da ya shekara talatin a kasuwa ba ya ganinsa? Wannan ne ni ban gane ba.

Malam_Lissafi: 'Yata, yana ganinsa, zuciya ce ba ta karɓa, kuma ba shi kaɗai ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi rubutu a kan wannan a 1979. Abin da suka gano shi ne mutum ba ya auna dukiyarsa gaba ɗaya in zai yanke shawara. Yana kafa wata turka ne a ransa, yawanci farashin da ya saya, sai ya riƙa auna komai daga nan. Abin da ya hau sama da turkar riba ne, abin da ya sauka ƙasa asara ne. Kuma zafin asarar ya fi daɗin riba mai girma ɗaya da ita. Da suka sake aunawa a 1992, sun samu cewa ya kai ninki biyu da ɗan ƙari. Wato wanda ya yar da sidi 100 a torotoro, wato motar haya, sai ya tsinci sama da 200 kafin ransa ya koma daidai.

Akwai kashi na biyu da ya fi shafar Baba. Mutum in yana cikin riba, yakan so ya kama ta da wuri kada ta kuɓuce. In kuma yana cikin faɗuwa, sai ya zama mai kasada. A ce masa ga asarar 7,200 tabbatacciya yau, ko kuma ka jira, wataƙila ka fita ba asara, wataƙila ka yi ta 12,000, yawancinmu jiran za mu zaɓa. Turkar Baba tana kan 900, shi ya sa 720 take yi masa kama da zagi, alhali kasuwa ba ta san nawa ya sara ba.

Bashir_Nima: E, na karanta wannan a jami'a. Shi ne ya sa aka ba su biyun kyautar Nobel. Kuma doka ce tabbatacciya, duk ɗan Adam asara tana yi masa zafi sau biyu, ba ta canzawa. Don haka ba laifin kowa ba ne, haka aka halicce mu.

Malam_Lissafi: Bashir, ka kusa. Kahneman kaɗai ne daga cikin su biyun ya karɓi kyautar a 2002, don Tversky ya rasu a 1996. Ninki biyun kuma matsakaici ne na mutanen da aka gwada, ba awon kowa da kowa ba. A ƙananan kuɗi yakan ragu sosai, kuma wanda ya saba saye da sayarwa kullum a kan kaya iri ɗaya ba ya jinsa kamar wanda bai saba ba. Ana iya koyon sarrafa shi.

MaiAlbasa_Bawku: Maganar Malam ta ƙarshe gaskiya ce, mu albasa ta koya mana da bulala. In mota ta sauka daga Nijar ka ga wasu motoci biyar sun rigaye ka, ba ka da lokacin tuna nawa ka saya. Da safe kana sa hannu cikin buhu ka ji ɗumi, ka ga ƙasan buhun ya fara jiƙewa, wari ya fara tashi, to ka sani kowace rana tana cin wani abu daga cikinsa. Yau a taya maka ƙasa da sari ka ƙi, jibi sai ka zazzage ka tsince, buhu goma su koma takwas, a kuma taya maka ƙasa da na yau. Ubangidana da ya koya mini sana'ar nan, Allah Ya jiƙansa, yakan ce faɗuwar farko ita ce mai sauƙi. Masu shadda abin da ke cutarsu shi ne kayansu ba ya wari, sai su ɗauka ba ya lalacewa.

Hajiya_MaiAtamfa: Yana lalacewa mana, sai dai a ɓoye. Zane yana da yayi. Kalar da aka yi rububinta a wannan Sallar, wata Sallar ba mai kallonta. Sannan inda aka naɗe yakan yi layi, wadda ke bakin ƙofa rana ta ci gefenta. Mace tana buɗewa za ta gane tsohon ajiya ne, ta ce a rage mata.

DirebanTamale: To duk na ji, amma ba wanda ya amsa tawa. Ni na jira kuma na ci. Da na bi irin lissafin Malam da na sayar a 9.5, na yi asarar sidi 5,000 a banza.

Malam_Lissafi: Yaya Direba, ba zan ce sayarwa a 9.5 ce daidai ba, don ba wanda ya san inda dala za ta nufa a ranar, har da ni. Amma ka duba abu ɗaya. Ka zuba 14,500 a ƙarshen 2022, ka karɓi 15,000 da ɗoriya bayan kusan shekara ɗaya da rabi. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54 cikin ɗari, a ƙarshen 2023 kuma tana sama da kashi 23. Gyaran motar da 14,500 za ta yi maka a lokacin, ka tambayi kanka ko 15,000 ta yi maka shi a 2024. Lambar ce ta dawo. In kuma motar ta yi kwanaki a ajiye ko tana aiki rabi-rabi saboda gyaran da aka ɗage, wannan ma kuɗi ne da ba ka rubuta ba.

DirebanTamale: Gaskiya giyabos ɗin da na so saye a lokacin, da na koma Magazin, inda ake sayar da kayan gyaran mota a Kumasi, farashinsa ya tashi sosai. Amma dai ban yarda na faɗi ba. Da na bar kuɗin a sidi da abin ya fi muni.

Ummi_Asawase: Yaya Direba, ni tambayata daban ce. Me ya sa ka sayi dalar a 14.5 tun farko, alhali a farkon shekarar tana wajen 6?

DirebanTamale: Kowa saye yake yi lokacin. A tasha, a masallaci bayan sallah, maganar kenan. Har yaron motata ya sayi dala 50. Kana zaune kana ganin kuɗinka yana narkewa kamar ƙanƙara, wa zai iya zama?

Malam_Lissafi: To ka ga inda labarinka da na Baba suka haɗu. Ɗan_Aboabo ya ce Baba ya ƙara guda ashirin a kan abin da ya saba don duk layi na cewa dala za ta kai 20. Bin ayari ne ya shigar da ku duka, tsoron asara kuma ya hana ku fita.

Bari in kwatanta yadda ayarin yake haɗuwa. A ce masu wake da shinkafa biyu ne a bakin titi, ba ka taɓa cin na kowa ba. Mutum na farko ya zo, ya ji ƙamshin ta dama ya ɗan fi, ya tsaya can. Na biyu ya zo, shi hancinsa bai bambance ba, ya ga mutum a dama, ya bi. Na uku ya zo, a ransa ta hagu ta ɗan fi burge shi, amma ya ga mutum biyu a dama, ya ce ai biyu sun fi ni sani. Daga nan an gama. Na ashirin zai ga dogon layi ya ɗauka mutum goma sha tara ne suka gwada suka tabbatar, alhali duk layin a kan hancin mutum ɗaya yake tsaye. Ba wanda ya yi wauta a cikinsu, kowa ya yi abin da ya dace da abin da ya gani. Shi ya sa kuma irin wannan layin yake watsewa da sauri in labari ɗaya ya fito. A Disamba 2022, da aka sanar da cewa gwamnati ta cimma matsaya ta farko da asusun IMF a kan ba ta rance, waɗanda suka yi layin saye su ne suka koma layin sayarwa.

A kuɗi abin ya fi na abinci muni, don layin da kansa yana ɗaga farashi. Ana saye don tana tashi, tana tashi don ana saye, kowa kuma yana nuna tashin a matsayin hujjarsa.

Bashir_Nima: Wato dai duk abin da jama'a suka yi, kai ka yi akasinsa. In suna saye ka sayar. Shi ne sirrin masu kuɗi.

MaiAlbasa_Bawku: A'a Bashir, ba haka ba ne. Wanda ya sayi dala a Maris 2022 shi ma jama'a ya bi, kuma ya tsira. Mu in muka ga manyan dillalai sun daina ɗauko kaya daga wani gari, ba ma tsayawa gardama, bin su muke yi, don sun ji abin da ba mu ji ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a wurare da yawa. Abin dubawa shi ne waɗanda kake bi ɗin, sun san wani abu ne ko su ma bin na gabansu suke yi.

Malam_Lissafi: Mai albasa ya faɗi abin da ya fi nawa. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: ka tambayi mutum uku a layin me ya sa. In kowa ya kawo dalilinsa daban, wannan ya ce ya ga takardar kwastan, wancan ya ce ɗan'uwansa a Lome ya faɗa masa sabon farashi, to akwai ilimi a layin. In dukansu suka ce “haka ake cewa”, ko suka koma ga bakin mutum ɗaya, to murya ɗaya ce take amsa-kuwwa.

Inna_Sabonzango: Wannan magana ta taɓa ni. Shekarun baya akwai wani kamfani da ke ba da kashi mai tsoka duk wata. Ni ban gane me suke yi da kuɗin ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na gani shi ne matan ƙungiyarmu ta biki huɗu sun shiga, ɗaya har ta canza kujerun ɗaki. Na kwashe adashina na shekara na kai. Wata uku na karɓa, a na huɗu aka fara cewa a dawo mako mai zuwa. A lokacin akwai wadda ta ce mini tana da hanyar da za a fitar mini da rabin kuɗina in yafe sauran. Na ce rabi? Allah Ya kiyaye, sai duka. Har yau ko sisi ban gani ba. Ɗan_Aboabo, ka karanta wa babanka wannan in kana so, ban ji kunya ba.

Abu_Hafsa: Jama'a ku ji tsoron Allah. Duk wannan maganar dala da kamfanin kashi-kashi kuɗin ruwa ne da caca, ba abin da musulmi zai tattauna ba. Arziki na Allah ne, abin da ya rubuta maka ba zai wuce ka ba.

Ɗan_Aboabo: Malam Abu_Hafsa, Allah Ya saka da alheri, amma tambayata a kan shadda ce, halas ɗinmu da muka saro da kuɗinmu. Baba bai taɓa cin bashin ruwa ba. Shi ma abin da yake faɗa mini kenan, rabon wani ba ya wuce shi, mai sayenta a 950 yana nan tafe.

Hajiya_MaiAtamfa: Tawakkali gaskiya ne, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka tukun. Ni a ganina ma karɓar faɗuwa da hannu biyu ya fi kusa da yarda da ƙaddara a kan ƙin kallonta. Amma ku bar ni in faɗi abin da lissafin Malam bai taɓo ba, don na san irin su Alhaji. Ba kuɗin ne kaɗai ba. Dattijon da yara ke zuwa neman shawara wurinsa a layi, in ya sauke daga 950 zuwa 720 rana ɗaya, duk layi sun san ya yi kuskuren sari. Waɗanda suka saya 980 a Afrilu kuma za su dawo suna cewa ya cuce su. Mutunci ne yake karewa, kuma a kasuwarmu mutunci jari ne, da shi ake ba ka kaya bashi.

Malam_Lissafi: Hajiya, na karɓa, kuma wannan ba ruɗin zuciya ba ne, abu ne mai farashi na gaske. Haka ma wanda jarinsa kaɗan ne, in ya ji tsoron asara fiye da attajiri yana da hujja, don faɗuwa ɗaya tana iya rufe masa shago. Abin da nake so a raba shi ne dalili da turka. Ɗan_Aboabo, ga tambayar da za ka iya yi wa Baba cikin ladabi, kamar kana neman ilimi: “Baba, da a ce yau ba mu da shaddar nan, muna da 28,800 a hannu, za mu sayi guda 40 a kan 720 mu ajiye muna jiran dala?” Na san zai ce a'a, tunda ga ta a 650. To wanda ya ƙi sayarwa a 720, kamar ya saye ta ne a 720 kowace safiya. In kuwa ya tabbata dala za ta tashi, to hujjar ta fi ƙarfi a kan ya sayar ya saro 44, don in ta tashi guda 44 za su tashi da shi maimakon 40.

Jira yana da wuri a hali ɗaya: in wannan samfurin ba ya shigowa kuma, ba za a same shi a 650 ba, ko in 720 ɗin na wani ne da ke zubar da kaya don bashi ya kama shi, bayan sati biyu kasuwa ta koma. Wannan sai ka bincika, ni daga nan ba zan iya gani ba.

MaiAlbasa_Bawku: Malam, gyara ɗaya a lissafinka na farko. Ba a sayar da guda 40 a 720 a yini ɗaya, musamman bayan Sallah da kasuwar ɗinki ta kwanta. In yana son kuɗi a dunƙule, ɗan kasuwa ne zai ɗauka, shi kuma ba zai biya sama da 650 ba, wataƙila ma 620 tunda tsohon kaya ne. Saboda haka 44 ɗin nan sai a hankali.

Malam_Lissafi: Haka ne, na sauƙaƙa abin da yawa. A 620 zai sami 24,800, wato guda 38, ya ragu da biyu. Don haka kada ya zubar a dunƙule, ya sauke farashi ya sayar ɗaya-ɗaya, wata biyar ɗin da na ce kuma tana iya zama bakwai ko takwas.

Ummi_Asawase: Ni abin da ya ba ni mamaki, a 2022 akasin haka muka yi a shagon kayan masarufi na yayata. Mun sayar da katan ɗin mai a tsohon farashi muna murna mun ci riba, da muka koma sari kuɗin katan goma bai sayi takwas ba. Littafi yana nuna riba, kanta tana ramewa. Ashe cutar ɗaya ce, ido yana kan farashin jiya.

Hajiya_MaiAtamfa: Ɗana, ga dabarar da ni na yi, ka gwada. Kada ka ce masa ya sauke farashi. Ka ce a saro sabuwa guda 20 a 650 a haɗa da tsohuwar. 36,000 da 13,000 sun zama 49,000, a raba wa guda 60, kowace ta tashi wajen 817. Daga nan in ya sayar 780 ko 800 zai ji faɗuwar kaɗan ce, kuma in an tambaye shi sai ya ce sabon kaya ne ya zo da sauƙi. Ba ƙarya ya yi ba, mutuncinsa kuma yana nan.

Bashir_Nima: Hajiya wannan ai yaudarar kai ce. Asarar tana nan 7,200, kin dai shafa mata hoda. Kuma ƙara kuɗi a kan kayan da ya faɗi shi ne ainihin abin da ake hana mutane.

Malam_Lissafi: Bashir yana da gaskiya a lissafi, haɗawar ba ta rage ko pesuwa ɗaya. Kuma 800 har yanzu ta fi 720 na maƙwabta, saboda haka ina shakkar za ta motsa kayan. Amma ban ƙi dabarar gaba ɗaya ba. In sabon sarin abu ne da dama za a yi shi don shago na buƙatarsa, kuma ya taimaka wa dattijo ya tumɓuke turkarsa daga 900, ya yi amfani. Inda take zama haɗari shi ne a ciwo bashi a ƙaro kayan da ba a buƙata don kawai lambar littafi ta yi kyau. Ni da Hajiya ba za mu daidaita a kan wannan ba sai an ga yadda Baba ya karɓa.

Hajiya_MaiAtamfa: Malam, kai allo kake koyarwa, ni mutane nake sayar wa kaya. Wanda ya sauko 800 yau, wata mai zuwa zai iya sauka 740. Daga 950 kai tsaye ba zai taɓa yi ba.

Abu_Hafsa: Na sake karantawa, na ga ashe a kan kaya ake magana. Ku yafe ni. Shawarata ɗaya, ka sa wani aboki nasa tsaransa ya yi masa maganar, ba kai ba.

Ɗan_Aboabo: Na gode muku duka. Jiya bayan la'asar da shago ya yi shiru na yi masa tambayar Malam, ta 28,800. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce in kawo littafi. Ya duba ya duba, ya ce shi bai yarda dala za ta zauna a nan ba, ya ga irin wannan a 2022. Amma ya ware guda goma, masu ruwan toka da rana ta fara taɓa gefensu, ya ce in sayar a 760, ni in tsaya a kai, kada a kira shi in ana ciniki. Sauran talatin ya ce a bar su zuwa Mauludi. Yau da safe na sayar da biyu, ɗaya 760, ɗaya 750. Na kawo masa kuɗin, ya ƙirga ya sa a aljihu bai ce komai ba. Maganar saro sabuwa ban tayar ba tukuna.

DirebanTamale: Ka ga ko Alhaji ya ce ya ga irinta a 2022. Ku jira Mauludin mu gani.

MaiAlbasa_Bawku: Ɗan_Aboabo, kafin Mauludin ka je wurin sari da kanka ka tambaya ko 650 ɗin tana nan, kuma ko akwai wata kwantena a hanya. Ka dawo ka faɗa mana abin da suka ce.